Fitilar da Muke Rufe wa Baki

Mu nan Kuberi, idan fitilar inji ta kama a mota, magani uku ne da mu. Ko mu cire kan batir mu mayar, ko mu liƙa mata salatef, ko mu ce ai tun daga Kwatano haka ta zo. Wannan hirar ce ta tashi a teburin mai shayi ran nan, bayan wani ƙanenmu mai Corolla ya dawo daga Jega yana huci.

"Kawu, lita talatin na sha," in ji shi. "Ban kai kwanar gari ba fitila ta kama. Mota na fizga, in na tsaya kuma sai karkarwa kamar mai masassara."

Kawun, tsohon direba da ya yi shekaru yana jigilar albasa daga Aliero, ya aje kofinsa. "Tsaye take, ko ƙiftawa take yi?"

"Da bambanci ne?"

Aka fashe da dariya, alhali rabin masu dariyar su ma ba su sani ba. Bakanikenmu ne ya warware. Ya ce idan fitilar ta tsaya cak kuma mota na tafiya lafiya, kana iya lallaɓawa har gareji. Amma in tana ƙiftawa, filogi ne ke kasa ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa. Can akwai abin nan da suke kira indomi, mai tace hayaƙi, zafin kan narkar da shi. "Ka ga asarar mai ta haifi wadda ta fi ta. In ta ƙifta, gangara gefe ka kashe."

Sannan ya sa yaronsa ya kwance tiyon mai ya tsiyayo kaɗan a farar kwalba, aka aje ta kan benci. Kafin shayi ya huce, minti goma, sai ga layi ya fito: fetur a sama, ruwa kwance a ƙasa, kaurin yatsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake zama a gindin tanki, daidai inda famfon mai yake zuƙa. Ya kuma ɗiga man a farar takarda. Ya ce fetur na gari bushewa yake nan take, wanda aka sirka da kalanzir kuwa yakan bar tabon maiƙo, kuma za ka ji inji na ƙwanƙwasa idan ka taka totur a hawa.

"To a cire kan batir mana," in ji wani daga baya.

"Alhaji, wannan ai kashe shaida ne kafin a shiga kotu." Bakaniken ya ce ƙwaƙwalwar mota na rubuta dalilin da ya sa ta kunna fitila, cire batir kuma yana iya goge rubutun. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna P0300, wato ƙonewar mai na tsallake a silinda barkatai, ba a guda ɗaya ba. Da filogi ɗaya ne ya mutu, da lamba irin P0302 za a gani, mai nuna silinda ta biyu. Tunda duka suka rikice lokaci guda, kuma bayan shan mai, zargi ya koma tanki.

Aikin da aka yi ba shi da yawa. Aka sauke tanki aka juye, aka wanke, aka sake matatar mai, aka duba filogi, aka zuba sabon fetur daga wani gidan mai. Ya ce da ruwan ɗan kaɗan ne, cika tanki da mai kyau ya isa, fitilar ma kan mutu da kanta bayan tafiya kamar uku ba tangarɗa. Ya ƙara da cewa a fara taɓa murfin tanki, don a wasu motocin rashin ɗaure shi kaɗai na kunna fitila.

Aka koma kan 'yan bumburutu, kowa na ɗora musu laifi. Kawu ya girgiza kai. Ya tuna mana Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka lalace a Legas da Abuja, kuma daga famfon gidan mai aka sha shi, ba daga jarka ba. Shi dokarsa biyu ce: ba ya shan mai sa'ad da tanka ke juyewa, don dattin ƙasa ya motsa, kuma da damina yana tsoron gidan man da ruwa ke kwanciya a harabarsa.

Ƙanen namu ya ɗauki kwalbar zai koma Jega da ita. Bakanike ya ce, "Rasit fa?"

Ya yi shiru. Mu ma duk muka sunkuyar da kai cikin kofunanmu, don a teburin nan kaf babu wanda ya taɓa karɓar rasit a gidan mai.