Mutanen da Sabon Zuwa Zai Tarar a Rumfa

Ojoo ce ƙofar Badun ta arewa. Tirelar da ta taso daga Kano ko Sakkwato, ta bi ta Ilori da Oyo, nan take fara numfasawa, kuma kasuwar Shasha, inda ake sauke albasa da tumatir da attaruhu, ba ta da nisa. Hausawa ba baƙi ba ne a garin nan, tun 1916 aka kafa unguwar Sabo ta wajen Mokola, goro da shanu suka riƙe ta. Amma tsufan zango bai taɓa raba sabon zuwa da baƙunta ba. Yaron da aka haɗa shi da wani maigida domin sauke kaya a rumfa zai gane cewa buhun albasa ya fi mutanen rumfar sauƙin ɗauka. Ga kaɗan daga cikinsu.

Wanda zai fara tarbar ka shi ne Ɗan Garinmu. Da ya ji ka ce Aliero sai ya dafe ƙirji, ashe kakarsa 'yar can ce. Da Danja ka ce, to nan ma yana da kaka. Shi zai nuna maka masallaci da makewayi da mai shayin da ba ya tsuga ruwa a madara, kuma wannan alheri ne na gaske. Lissafin yana zuwa ranar da aka fara sallamar ka: "Ƙanena, ɗan ara mini dubu biyu zuwa la'asar." Bai faɗi la'asar ɗin wace rana ba. Ka ba shi abin da za ka iya yafewa, sau ɗaya, a gaban mutane. Idan ka hana gaba ɗaya ka zama marowaci kafin a san sunanka, idan ka ba shi a ɓoye ka zama asusu.

Sai Baba Mun-Riga-Ku. Shi ya zo Badun tun ana sayen kwandon tumatir da kuɗin da yanzu ba ya sayen ashana, kuma kowace safiya farashin yana ƙara raguwa a bakinsa. Ba ya ɗaukar kaya kuma, gwiwa ta ƙi, amma benci na bakin rumfa nasa ne, kada ka kuskura ka zauna a kai ko da ya tafi Kano ganin gida. Samari na gudun labarinsa, su ne suka yi asara. A tsakiyar surutun nan ne za ka ji wane direba ne ke zuwa da ƙirga a cike, wace mai saye ce ke biya a kan lokaci, da abin da ya sa aka daina wata irin tsokana tun rikicin da ya ƙone kasuwar a watan Fabrairun 2021. Goron naira ɗari da "Baba, an tashi lafiya?" sun isa kuɗin makaranta.

Akwai Kunnen Maigida, wanda ba a gane shi da fuska sai da tambaya. Zai zauna kusa da kai bayan isha'i, ya rage murya: "Tsakani da Allah, ya ka ga rabon da Alhaji yake yi?" Duk abin da ka ce zai riga ka isa wurin Alhaji, da ƙarin gishiri. Amsar da za ka ba shi guda ce, "Alhamdu lillahi, muna koyo," ka maimaita ta har ya gaji ya koma kan wani.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Mai Alƙalami, domin a hannunsa zumuncin rumfa yake ƙulluwa ko ya tsinke. Shi ke tsayawa a gindin mota da ɗan littafi yana jan layi, buhu ɗaya layi ɗaya. A ce tirela ta iso da asuba da buhu 300, an yi jinga a kan naira 200 kowane buhu, ku shida ne. Kuɗi ya kama dubu 60, kai kuma ka riga ka raba a zuci, dubu goma-goma. Da aka zo sallama sai ka ga dubu bakwai a tafinka. Nan ne sabon zuwa yake kashe kansa. Wani ya ɗaga murya a gaban direba da masu saye, ya ce an cuce shi, daga ranar kuwa duk motar da za ta zo da tsakar dare babu mai tashinsa. Wani ya haɗiye, ya koma gefe yana ƙunƙuni, Kunnen Maigida ya samu abin kaiwa.

Abin yi shi ne ka bari a watse, ka same shi shi kaɗai: "Malam, ina so in koyi yadda ake lissafin nan." Ka lura, koyo ka ce, ba bincike ba. Sau da yawa za ka tarar an cire kuɗin shayi da ruwa, an fitar da na Baba mai benci, an kuma rage maka wani abu saboda mutum biyu ne suke ɗora maka buhu, kana kai ɗaya su sun kai biyu. Idan ya buɗe littafin ya nuna maka, ka samu mutumin kirki, sai ka tambaye shi yaushe sabon hannu yake kai cikakken kaso. Idan ya rufe littafin ya ce "haka ake yi," to ka fara jan naka layin a bayan kwalin sukari, ba tare da shela ba.

Haifaffen Badun kuwa, wanda kakansa ya zo da shanu bai koma ba, yana ciniki da Yarbanci, yana zagi da Yarbanci, Hausa sai an zo gaisuwa. Zai yi maka dariya ranar da ka fara haɗuwa da amala da miyar ewedu, kai ma za ka so ka yi masa dariyar Hausarsa. Kada ka fara, ba a ce masa ba cikakken Bahaushe ba ne a zauna lafiya. Shi ne zai koya maka gaisuwar da za ka yi wa Iya mai sayen kwando goma kullum, wadda za ta kira ka "aboki" har sai ta ga ka sauke mata tumatir ba ka matse na ƙasa ba, sannan ta tambayi sunanka. Ranar da ta tambaya, ka faɗa da ƙarfi, ba ta tambaya sau biyu.

Mai Adashi ba ya buƙatar dogon bayani. Zai sa ka a zubi tun ba ka san hanyar masauki ba, kuma kwasarka ce ta ƙarshe. Ka ce sai ka ga kwasa ɗaya da idonka.

Na bar Shiru-Shiru a baya domin haka yake barin kansa. Bai yi maka maraba ba, bai tambayi garinku ba. Amma ranar da ka sunkuya za ka ɗauki buhu da ƙugu, shi ne zai taɓa kafaɗarka ya ce, "Lanƙwasa gwiwa," ya gyara maka gammo, ya wuce. Ka lura da inda yake tsayawa idan mota tana ja da baya, ka tsaya nan. Idan ka ga ya gaji, ka karɓar masa sawu ɗaya ba tare da ka sanar da duniya ba.

Yadda za ka san an karɓe ka ba wuya. Za a daina ce maka "bismilla" ta fatar baki, a matsa maka wuri a bakin kwano. Za a laƙaba maka suna, galibi marar daɗi, Ɗan Aliero ko Dubu Bakwai. Ka amsa shi tun ranar farko, domin wanda ya nuna ya ji haushi, da sunan za a kira jikokinsa. Gobe kuma idan an aiki yaro sayen ƙosai, ka riga kowa sa hannu a aljihu.