Ranar da Na Mai da Tarihin Kamfani Tatsuniya

Hajiya, shugabar sashen ma'aikata, ta miƙo mini fayil ɗin PowerPoint na tarihin kamfaninmu na matsar mai a Bompai. Ta ce, "Malam, sabbin ma'aikata barci suke yi da shi. Mai da mana shi labari."

Ba laifinsu ba ne. Kowane shafi shekara ce, sai kalma biyu, sai hoton manya suna musafaha. Labari kuwa sai da mutum, da abin da yake nema, da abin da ya tare masa hanya. Na lura shafin da ya fi ƙarancin magana a nan ake ɓoye zance. Wani shafin cewa kawai ya yi, "1975: Sake fasali."

Na kai wa Baba direba goro, shi da ya fi injinan kamfanin daɗewa. Ya ce, "Wane fasali? Gyaɗa ce ta ƙare!" Farin 1973 ya fara karya manoma, sai a 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta tsumburar da gonaki, har dalar gyaɗa ta zama tarihi a Kano. Injina suka yi shiru. Marigayi Alhaji mai kamfanin ya ce a koma matsar gurya, abokin haɗin jarinsa ya zare rabonsa ya tafi.

Na ce madalla, ga gwarzo, ga masifa, ga mugu. Na zubar da yawancin shafukan, na bar shekaru uku: kafuwa, 1975, da 1986 lokacin da naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagari aljihu.

Ranar taro na buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka amsa, "Ta zo mu ji ta!" Daɗi ya kwashe ni. Na ce Alhaji ya fara da naira ɗari. Baba, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya leƙo ta taga ya ce, "Fam dai. Naira sai 1973."

Na haɗiye, na wuce kan abokin jarin. Baba cewa ya yi mutumin ya tafi, ni kuwa na fitar da shi da tsakar dare, na ɗora masa jakar kuɗi a ka, har na kwaikwayi tafiyarsa da sanɗa. Ɗaki ya kece da dariya, ban da wata budurwa a layin gaba. Ta ɗaga hannu a nitse.

"Yallaɓai, kakana ne. Da rana ya tafi, kuma takardar rabon tana gidanmu."

Hajiya ta shiga duba silin kamar yau aka kafa shi.

Sashen kuɗi aka tura yarinyar. Takardar alawus ɗina na wannan jawabi tana kan teburinta, kullum na leƙa sai ta gaishe ni da ladabi, ta ce ana sake fasali.