Masu Sa Wa Takarda Numfashi

Kowace 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tunawa da tattakin mata a Yamai na 1991, sai an samu wata Hajiya, shugabar ƙungiyar mata a Magarya ko Dungas da aka danƙa wa jawabi, alhali ba ta taɓa riƙe makirfo ba. Jawabin ba ya wuce shafi ɗaya. Masu taya ta shiri ne suke da yawa.

Wanda ya fi kowa ƙwazo shi ne Mai Jan Bik. Aikin a asali ba wuya: karan tsaye ɗaya inda za a ɗan dakata, biyu inda za a ja numfashi, layi ƙarƙashin kalma ɗaya tak a jimla. Mai jin tsoro numfashinsa gajere ne, ga zafin bazara na busar da maƙogwaro, don haka kalma takwas zuwa goma sun isa kafin a shaƙi iska. Mai Jan Bik ya san duk wannan, hannunsa ne ba ya jin magana. Ya tsaya bayan "mata", ya tsaya bayan "na", ya raba "jaka ɗari" da "da hamsin", har mutanen Bande su fara tafi kafin kuɗin ya cika. Kowace kalma ya ja mata layi, mai muhimmanci ya ja biyu, wadda ta fi ta ya kewaye ta. Idan ja ya ƙare ya ɗauko shuɗi. Kafin la'asar takardar ta koma kamar gonar gyaɗa da aka yi wa kunya tsaye da kwance, Hajiya kuma tana karatu kamar mai hawan jaki a kan burji. Mai wannan rubutu yana da bik ja guda uku a aljihu, amma yana da hujjojinsa.

Alaramma ba ruwansa da kara. Ɗan harafin sadi yake ɗorawa, irin na tsayawa a Alƙur'anin Warsh, kuma wuraren da yake zaɓa daidai ne ƙwarai. Illa dai zuwa layi na uku jawabin rijiya ya ɗauki muryar tilawa, dattawa suna ta sunkuyar da kai.

Sai Mushe, tsohon malamin lakwal, wanda ya yi imani da birgil fiye da yadda ya yi imani da huhun ɗan Adam. Inda Faransanci ya sa waƙafi, nan za a tsaya, ko da jimlar ta kai kalma talatin. Ga shi da son a ja murya a kan kalmar da aka ja wa layi. Hausa kuwa ba ta yafe wannan: ka ja wasalin farko na "gari" don ƙarfafawa, sai mutanen gari su koma mutanen garin tuwo. Bahaushe gaba yake turo kalmar da yake nufi. Maimakon "Mata sun tara kuɗin", a rubuta "Mata ne suka tara kuɗin", a sa kara ɗaya bayan "ne". Hajiya ba ta buƙatar ɗaga murya, jimlar ta ɗaga mata. Abin da Mushe yake mantawa kullum shi ne lissafi: ya bar 500 F a takarda, ita kuwa a kasuwar Magarya dala ɗari ta sani, sai ta tsaya tana rabawa da biyar a gaban perefe.

Akwai ƙawar da duk gudummawarta ita ce "Ke dai kar ki ji tsoro", sau ashirin, har tsoron ya zo.

Duk waɗannan ana iya shan shayi da su. Wanda ba a yafe wa shi ne Mai Gyaran Ƙarshe. Ba a gan shi ba kwana uku da Hajiya ta yi tana bita a tsakar gida, har idonta ya haddace inda kowane kara yake. Da safiyar taro zai ɓullo da babur, ya ce takardar ta yi datti, ya kai a sake buga ta fes. Ta dawo da ƙananan haruffa, ba kara ko ɗaya, an cusa sunayen manya shida a gaisuwa, nasa na huɗu. Jimlar "Ba mu zo roƙon kuɗi ba" ta tsinke a ƙarshen shafi, "ba" ta ƙarshe ta tsallaka baya. Hajiya ta tsaya tana laluben gefen takarda da yatsa mai rawa, taro ya riga ya ji rabin magana. Shi kuwa yana can inuwar rumfa, kusa da manya, yana gyara hula yana jiran a kira sunansa.