Masu Godiya Bayan Ganawa, Kowa da Irin Tasa

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma duk wanda ya nemi aiki a wata ƙungiyar agaji ko kamfani a Maraɗi, Damagaram ko Yamai ya san har yanzu da Faransanci ake yi masa tambayoyi, da shi kuma zai rubuta imel ɗin godiya in ya koma gida. Abin da ake so bai kai ya kawo ba: layi huɗu ko biyar, a aika cikin kwana ɗaya ko biyu, a gode, a ambaci magana ɗaya tak daga cikin waɗanda aka tattauna, a sa hannu. Sai dai ɗan Adam ba ya barin abu mai sauƙi ya zauna lafiya. Mu ɗauka wata ƙungiya a Maraɗi tana neman mai kula da sito, darakta ya gana da mutane ranar Talata, ga shi yanzu ya buɗe akwatin saƙonninsa.

Na farko shi ne Sarkin Ladabi. Wannan ya taso a hannun kawunsa, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya koya masa cewa takarda ba ta zama takarda sai ta fara da "J'ai l'honneur de venir très respectueusement solliciter de votre haute bienveillance". Da wannan ake roƙon minista alfarma a kan farar takarda mai kan sarki. Shi kuwa ya jibge ta a imel, ya bi ta da gaisuwa, ya yabi ƙungiyar da wanda ya kafa ta, har mai gadi ya samu rabonsa, sannan ya rufe da wani layin ban girma da ya fi sauran saƙon tsawo. Darakta ya karanta har ƙarshe, ya tabbata an girmama shi, amma bai gane wanne ne daga cikin mutanen ranar Talata ba. In da darakta mace ce, da abin ya fi haka, domin Sarkin Ladabi ya rufe da miƙa mata "mes sentiments", abin da tsofaffin malaman wasiƙa ke hana namiji rubuta wa mace, don kada a ɗauka zuciyarsa yake tallatawa. "Bien cordialement" ya isa a imel, ba wanda zai ce ka yi rashin kunya.

Ƙaninsa a sana'a shi ne Mai Aro. Ya samo shiryayyen saƙo, ya kwafe, ya aika. Faransancin tsaf, ba kuskure ko ɗaya, sai dai a tsakiya an bar "[nom de l'entreprise]" yadda yake, kuma ya gode wa "Madame" alhali mutumin da ya yi masa tambayoyi gemu gare shi.

Akwai kuma wanda nake tausaya wa, domin shi da zuciya ɗaya ya yi. Yana son ya ce zai yi farin ciki in an ba shi amsa, sai ya rubuta "Merci de me répondre rapidement". A kunnensa godiya ce, tunda da "merci" ta fara. A kunnen darakta kuwa umarni ne, irin wanda shugaba ke mannawa a ƙofar ofis: a amsa mini da gaggawa. Dalilin shi ne in aikin da ke bayan "merci de" bai riga ya faru ba, jimlar ta tashi daga godiya ta koma buƙata. Godiyar gaske tana duban abin da ya wuce: "Merci de m'avoir reçu", na gode da kuka karɓe ni. Bawan Allah bai sami aikin ba tukuna, har ya fara ba mai gida wa'adi.

Ɗan Gaggawa ba ya ɓata lokaci. Yana kan kabu-kabu, bai kai kasuwa ba, ya aika "bjr Mr, merci pr tt, cdlt". Wurin da ake sa batun saƙo ya bar shi fanko. Ya manta cewa da "M." ake gajarta Monsieur a Faransanci, kuma a imel ma gara a rubuta shi cikakke. Wani lokaci har "tu" ke kufce masa, don darakta ya yi masa dariya sau ɗaya a ganawar, ya ɗauka sun zama abokan wasa.

Mai Kuka kuwa layinsa na farko godiya ne, sauran duk labarin gida: kuɗin haya, mahaifiya ba lafiya, shekara nawa da gama jami'a ba aiki. Gaskiya yake faɗa, kuma darakta ba dutse ba ne. Amma mutumin nan mai riƙe masa makullin sito yake nema, an kuwa shafe sakin layi uku ana nuna masa yadda ake cikin matsin kuɗi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Rabin Karatu. Ya ji an ce a ambaci wani abu takamaimai daga ganawar, ya kuwa ambata. Ya ce ya ji daɗin sanyin ofishin. Wani ɗan'uwansa ya zaɓi maganar albashi, ita kaɗai ya riƙe daga hirar minti arba'in. Na ukunsu ya tuna darakta ya ce shi mutumin Dakoro ne, sai ya rubuta cewa matar yayansa ma 'yar can ce, ko ranka ya daɗe ya san gidansu? Duk sun cika sharaɗin, kamar wanda aka aika ya sayo nama ya dawo da ƙaho, yana rantsuwa daga jikin saniya ya fito. Maganar da ake nufi ita ce wadda ta dami mai ɗaukar aikin, wadda ya faɗa yana ɗan ɓata fuska.

A ranar Talatar nan darakta ya yi irin wannan magana. Ya ce buhunan takin da ke rubuce a littafi ba sa daidaita da waɗanda ke sitonsu na Tasawa, kuma sai ƙarshen wata ake ganewa. Kowa ya ji, kowa ya gyaɗa kai. Mutum ɗaya ce ta rubuta a bayan takardarta tana fitowa, da yamma ta aika wannan:

```
Objet : Remerciements – entretien pour le poste de magasinier

Monsieur,

Je vous remercie de m'avoir reçue ce matin.
Vous avez évoqué les écarts de stock d'engrais à Tessaoua.
Dans mon précédent poste, un comptage chaque vendredi, signé
par deux personnes, permettait de les repérer dans la semaine.
Je serais heureuse d'en reparler avec vous.

Bien cordialement,
```

Ta gode, ta tuna masa ciwonsa, ta ce a inda ta yi aiki a da kowace Juma'a ake ƙirga, mutum biyu su sa hannu, don haka giɓi ba ya wuce mako ba a gano shi ba, ta ce za ta so su ƙara magana a kai. Sunanta da lambarta a ƙasa. Ta sa "e" a ƙarshen "reçue" domin ita aka karɓa kuma mace ce, ta kuma rubuta "serais", mai nufin in an ba ta dama. Da ta yar da "s" ɗin, ya zama "serai", da ta yanke wa kanta hukuncin cewa lallai za a sake kiran ta. Ba ta sake ba da tarihin karatunta ba, yana cikin takardun da ta riga ta miƙa. Ko ta sami aikin ko ba ta samu ba, wannan na Allah ne da kwamiti, amma in suka zauna aka ce "wadda ta yi maganar ƙirgar Juma'a", kowa ya san wa ake nufi.

Saura Mai Naci. Shi ma ya rubuta godiya mai kyau ranar Talata. Laraba ya aiko wata don tabbatar da ta farkon ta iso. Alhamis ya tuna amsar da ta fi dacewa da tambaya ta uku, ya aiko ta a shafi guda, da gyaran ta biyar. Ka'ida ita ce a jira ranar da aka ce za a ba da amsa ta wuce, ko a ƙalla mako guda zuwa kwana goma, sannan a tuntuɓa sau ɗaya. Shi ranar Juma'a ya samo lambar darakta, ya aika masa barka da Juma'a da hoton furanni. Ranar Litinin kawunsa ya zo ofis da kansa, da babbar riga, ya ce wa sakatare ba wani abu ba ne, wucewa yake ya ce bari ya gaida yallaɓai.