Malam, Ajiye Jan Biro: Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Aikin Horar da Ma'aikata

Malam, shekara da shekaru kai ke yi wa mutane maki. Yau kuwa taka takardar za a duba, kuma mai dubawar ba ya ba da makin tausayi. Jami'in ɗaukar ma'aikata ne, wasiƙu sun taru a gabansa tuli guda, shayinsa na hucewa. Abu ɗaya yake nema: wa zai iya ayyukan da muka lissafa a talla?

Saboda haka kafin ka rubuta ko da "Ranka ya daɗe", buga tallar a takarda ka shimfiɗa ta a tebur. A ce wani kamfanin rarraba kayan masarufi ne a Kano ke neman jami'in horarwa, ya kuma zayyana ayyuka huɗu: gano inda ma'aikata ke da rauni, shirya wa sababbin ma'aikata horo da gabatar da shi, auna amfanin horon a kai wa shugabanni rahoto, da kula da takardun ITF. To tambayoyin jarabawarka ke nan, kuma duka dole ne, babu "amsa uku kacal". Kai da ke faɗa wa ɗalibai kullum su karanta tambaya kafin su fara rubutu, ga ranar cika wa'azi ta zo.

Akwai kayan da za ka bari a gida. Tarihin firamarenka, da sunan hedimastan da ya fara gano hazaƙarka, da labarin cewa tun kana goye kake sha'awar kamfanin nan, duk su zauna. Haka batun albashin da ya makara da yawan bakin da kake ciyarwa. Gaskiya ne, kuma yana da ciwo, amma mai karanta wasiƙar ba shi da gurbin da zai rubuta shi. Kada kuma ka durƙusa a layin farko kana roƙon a taimaka maka don Allah. Hajja ka kawo, mai kyau kuwa, sai ka buɗe wasiƙar da sunan aikin da inda ka ga tallar, da jimla guda da ke faɗin ko kai wane ne: malamin Lissafi a babbar sakandare, shekara kaza, mai rajista da TRCN.

Yanzu aiki na farko, gano rauni. Malamai da yawa kan tsaya nan su ce ba su taɓa yi ba, alhali shi suke yi duk zango. Ka tuna lokacin da ka zauna da takardun jarabawar gwaji ta 'yan aji shida, ka lura kusan kowa ya faɗi a tambaya ta bakwai, ka bi diddigi har ka gano ba sabon darasin ne ya gagare su ba, tushen ne tun ƙaramar sakandare bai zauna ba? Abin da kamfani ke biyan kuɗi a yi masa ke nan. Sai ka rubuta shi kamar haka: "Tallarku ta nemi wanda zai gano giɓin ƙwarewa. A bara na tantance sakamakon ɗalibai 60 tambaya bayan tambaya a Excel, na ware batutuwa uku da suka fi kayar da su, na shirya darasin gyara na mako shida. Masu cin jarabawar gwajin suka tashi daga 22 zuwa 41." Alƙaluman nan misali ne, naka za ka sa, kuma waɗanda za ka iya kare su in an tambaye ka. Duba yadda sakin layin ya tafi: kalmar tallar, abin da ka yi, abin da ya fito. In tallar da Turanci take, da Turanci za ka rubuta, ka kuma ɗauko kalmominta yadda suke, don su idon mai dubawa ke farauta.

Aiki na biyu shi ne inda ake yi wa malami kallon shakka, kuma shakkar tana da dalili. Ɗan aji uku yana zaune ne saboda an kaɗa ƙararrawa. Direban da ya yi shekara ashirin a hanyar Kano zuwa Legas, ko magajiyar sito da ta haife ka, ba za ka ce musu "kowa ya yi shiru" ba, balle ka tura wani ya tsaya a bayan aji. Babba yana son ya san amfanin abin a aikinsa na gobe da safe, yana kuma son a saurari abin da ya riga ya sani. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Don haka kada ka cika wannan sashe da yara. Lalubo duk inda ka taɓa tsayawa gaban manya: ranar da ka koya wa malamai 'yan'uwanka shigar da maki a kwamfuta, ɗaliban koyon koyarwa da aka ba ka ka duba, ajin yaƙi da jahilci na yamma, ko taron iyaye da ka shawo kansa bayan ya ɗau zafi. Faɗi mutum nawa ne, kwana nawa aka yi, me suka iya bayan an tashi. Misali ɗaya na manya ya fi goma na yara nauyi a nan.

A aiki na uku kana da abin da da yawa cikin masu nema ba su da shi, domin auna fahimta sana'arka ce. Sai dai kamfani ba ya tsayawa a maki. Masu harkar horarwa suna yawan aiki da matakai huɗu na Donald Kirkpatrick, waɗanda ya fitar a 1959: ko mahalarta sun ji daɗin horon, ko sun koyi abin, ko suna aiki da shi bayan sun koma bakin aiki, da ko kamfani ya ga canji a sakamako. Makaranta ta gwanance a na biyu. Nuna musu ka san akwai na uku da na huɗu: ka ce bayan horon sababbin masu sito za ka koma bayan wata guda ka ga ko kuskuren ƙirga kaya ya ragu. Ambaci Kirkpatrick sau ɗaya ya isa. Lacca a kansa ka adana ta sai an kira ka.

Saura ITF, wanda wataƙila ba ka taɓa cika fom ɗinsa ba. Kada ka tsallake shi kana fatan ba za a lura ba, kada kuma ka yi da'awar abin da tambaya ɗaya za ta tona. Asusun horar da ma'aikata ne da aka kafa a 1971. Kamfanonin da dokar ta shafa suna zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin shekara, kuma ana iya mayar musu da har rabinsa idan sun horar da ma'aikata bisa ƙa'ida, da shaidar takardu. Ka ga ashe rajistar halarta da adana bayanai ne jigon abin. Sai ka ce ba ka yi wannan aikin ba tukuna, amma ka san yadda tsarin yake, kuma ka riƙe rajistar ɗalibai da takardun WAEC da NECO na makarantarku ba tare da ko ɗaya ta ɓata ba, in dai haka ne.

Duk wannan ya shiga shafi ɗaya. Na san hannun da ya saba da tsarin darasi mai shafi biyar zai yi ƙaiƙayi, amma a daure. Rufe da cewa a shirye kake ka gabatar musu da horon gwaji na minti goma sha biyar a kan duk batun da suka zaɓa, domin a nan malami ke da rinjaye. Sa lambar wayar da kake ɗagawa, ba wadda ke hannun uwargida ba. Sannan ka ɗauko jan biron nan, ka bi tallar layi-layi, ka yi alama a gaban duk aikin da wasiƙar ta amsa. In ka samu huɗu bisa huɗu, mayar da wasiƙar PDF, sa wa fayil ɗin cikakken sunanka, ka tura kafin ranar rufewa.