Na Gama Firamare Kafin a Haife Ni

A shekarar 1974 aka haife ni a Sakkwato, aka sa ni firamare a 1980, na fita a 1986. Duk wanda ya san ni ya san haka, ban da takardar shaidata. Akawun da ya buga ta da keken rubutu ya juya lambobi biyu, sai ta ce na gama a 1968. Wato na kammala karatu shekara shida kafin a haife ni, shekara goma sha biyu kafin in fara. Ko waliyyai ban ji an ba su wannan karama ba.

Shekaru takardar tana kwance a ƙasan akwati, ba ta taɓa tsare mini komai ba. Sai aka ce za a tantance ma'aikata a wurin aikinmu, kowa ya zo da takardunsa na asali. A daren nan na kasa barci. Da gari ya waye na hau kabu-kabu daga Mabera, na nufi wani tsohon mai buga takardu da ke zama a gindin dogon yaro da tafiretarsa. Ya duba, ya ce abu mai sauƙi. Shawararsa ita ce kada a taɓa lamba biyu kaɗai, a kankare layin duka a sake bugawa don ya tafi bai ɗaya. Ya sa reza ya kankare, ya shafe wurin da bayan farce, ya zura takarda, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Na duba na ga 1986 tana ƙyalli. Har goro na ƙara masa a kan ladarsa.

Mai tantancewar dattijo ne siriri mai furfura, kayan aikinsa rula, gilashin ƙara girma, da wata leda mai kauri garai-garai da aka zana wa layuka kamar gidan dara. Ya karɓi takardata bai karanta ta ba ma, ya riƙe ta nesa da fuska kamar mai duban jinjirin wata.

"Malam, wa ya taɓa wanga layi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane layi?" da muryar da ni kaina ban yarda da ita ba.

Bai yi musu da ni ba, rula ya ɗauka. Ya ce a tafireta kowane harafi gurbinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, siriri ko mai ƙiba, har tazarar da ke tsakanin kalmomi gurbi guda ce. Kuma yawancin kekunan iri biyu ne: faika, mai cin gurbi goma a inci ɗaya, da elit, mai cin goma sha biyu. Ya aza rula a kan sunana, ya sa na ƙirga da bakina: goma sha biyu a inci. Ya sauko kan layin kwanan wata. Rana, wata da shekara, har da tazara biyu, gurbi goma sha biyu ne cif, don haka a keken da ya buga sauran takardar inci ɗaya ya kamata su ci. Nawa layin ya wuce inci da gurbi biyu, kusan milimita biyar. Ni da na yi ta kallonsa jiya ina murmushi ban ga haka ba, amma da aka nuna mini, sai ya zama kamar ɗan sarki a cikin almajirai.

Na ce wataƙila akawun makarantar ne ya canza keke a tsakiyar aiki. Ya ce wataƙila, sai ya shimfiɗa ledarsa.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Ya ce in dai ba a zare takarda daga keke ba, haruffan kowane layi suna faɗawa daidai ƙarƙashin na sama, kamar sahun masallaci, kuma duk layukan suna tafiya a miƙe tare. Ko da akawun ya sa takardar a karkace, to duka za su karkace tare. Amma da zarar an zare an mayar, da wuya hannu ya mayar da ita daidai inda take. Ya daidaita ledar da sunana da shekarar shiga, suka zauna a gidajensu lafiya lau. Layina kuwa ya fara a tsakiyar gida, kuma gindin haruffansa yana hawa sama kaɗan-kaɗan, har lambar ƙarshe ta ɗaga daga layin ɗigo-ɗigon fom ɗin kamar mai shirin tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lamba ɗaya. Ashe tsofaffin kekuna da yawa ba su da maɓallin 1, akawu ƙaramin harafin l yake bugawa a madadinsa. Ya miƙo mini gilashi. Ɗayan da ke cikin 1980 harafi ne, kansa a kwance. Ɗayan da ke cikin 1986 lamba ce ta gaske, da ɗan bakinta a sunkuye. Tara ma ba su yi kama ba: ta sama cikinta ya toshe da dattin tawada, ta ƙasa tas. Ga kuma tawadar sama ta koɗe ta yi toka-toka, tawa baƙa wuluk kamar yau aka yi mata wanka. Da ya kunna fitilar waya ya kwantar da haskenta a gefen takarda, wurin da reza ta bi ya tashi da gashi-gashi, da ya ɗaga ta ta fuskanci taga kuma sai haske ya fi ratsa nan.

Saboda baki ba ya mutuwa, na ce, "Da na sani da kwamfuta na kai." Ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce a yawancin rubutun kwamfuta kowane harafi da faɗinsa, i ba ta cin wurin m, kuma firinta ba ta dukan takarda. Ya juya tawa ya sa na shafa bayanta, na ji tudun kowane ɗigo. Daga baya na tuna abin da ya faru a Pakistan a 2017, inda masu bincike suka ce wata takarda ta iyalan firaministan ƙasar na lokacin, Nawaz Sharif, mai kwanan watan Fabrairun 2006 an buga ta da Calibri, rubutun da bai shiga hannun jama'a sosai ba sai 2007. Su da kuɗinsu da lauyoyinsu harafi ya tsaya musu a wuya, balle ni da na zo a kabu-kabu.

Na faɗi gaskiya duka, har da goron. Ya daɗe yana kallona.

"Mi ya kai ka? Da ka bar ta, kowa ya ga shiga 1980 fita 1968 ya san hannun akawu ne ya zame. Wasiƙa guda daga makaranta ta isa. Yanzu kwanan wata gaskiya ne, amma takarda ta zama abin tuhuma, sai ka kawo mini shaidar abin da ka kankare."

Sati uku na yi ina yawo cikin ranar Sakkwato, wadda ba ta san mai gaskiya ba. A makarantarmu aka tono tsohuwar rajista da gara ta ci gefenta, Allah ya taimake ni ba ta kai sunana ba. Shugaban makarantar ya rubuta wasiƙa. Saura takardar rantsuwa a kotu, inda zan bayyana da bakina cewa ni ne na kai aka yi wa takardata kaciya.

Wurin tsohon nan na koma ya buga mini, don shi ya fi araha. Da ya gama na karanta a tsanake, na ga ya ce an haife ni a 1947. Ya miƙa hannu zai ɗauki reza, na riƙe masa wuyan hannu.

"Baba, sa sabuwar takarda. Ni zan biya."