Wasiƙar Motarka Tana Amurka, Kai Kana Nan

Na san abin da za ka ce tun kafin ka buɗe baki, Malam Mai Gardama. Za ka ce shekara tara kana tuƙa Korolarka daga Kano zuwa Gaya, ko tari ba ta taɓa yi ba, yau kuma wani ɗan jarida da ko keke bai mallaka ba zai zo ya ce maka akwai abin tsoro a cikinta. To, keken dai ina da shi, kuma ba shi da jakar iska, saboda haka a wannan magana ni ne mai kwanciyar hankali. Gyara zama.

An taɓa yin wani kamfani na ƙasar Japan da ake kira Takata. Sana'arsa ƙera jakar iskar mota, wato abin nan da ke ɓoye cikin sitiyari da dashbod, wanda ke kumbura idan an yi karo don kada fuskarka ta gaisa da gilashi. Kamfanonin mota 19 ne suka sa kayansa a motocin da suka sayar a Amurka, cikinsu har da Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW. Daga baya aka gano kayan na da lahani. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna wajen miliyan 67, kiranyen da ba a taɓa yin mai girmansa ba a tarihin motocin ƙasar. A shekarar 2017 kamfanin ya amsa laifin ɓoye gaskiya, aka ɗora masa dala biliyan ɗaya, a watan Yuni na shekarar kuma ya durƙushe. Kamfanin ya mutu, kayansa na nan da ransu, wasu ma suna fakin a ƙofar gidanka.

Ka ce wannan matsalar Turawa ce? Ina ka sayo motar, ranka ya daɗe? Da bakinka ka yi ta yi mana alfahari a majalisa cewa taka 'yar Amurka ce, ta Kwatano ta shigo, ba irin wadda aka sha wahalarta a gida ba. Ai nan gizo ke saƙar. Idan aka gano lahani a mota, kamfani yakan aika wasiƙa ga wanda sunansa ke kan rajista a can. Wasiƙar motarka an rubuta ta, an buga mata kan sarki, ta je wani gida a Texas ko Florida, ta tarar mai motar ya sayar tun tuni. Motar ta hau jirgin ruwa, wasiƙar ta shiga kwandon shara. Ba wanda zai biyo ka da ita Gaya.

Bari in gaya maka abin da ke cikin wasiƙar, tunda ba ta iso ba. Jakar iska ba famfo ke hura ta ba. A bayanta akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe da aka cika da sinadari. Idan aka yi karo, wuta kan kama sinadarin, ya ƙone nan take ya fitar da iskar da ke cika jakar kafin ƙiftawar ido. Sinadarin da Takata ya zaɓa saboda arha shi ne amoniyam naitiret, wanda manomi ya sani a takin zamani, kuma shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut a watan Agusta na 2020. Sabo ba ya ba da matsala. Amma idan ya shekara da shekaru yana shan laima, rana ta gasa shi dare ya sanyaya shi, sai jikinsa ya yi ramuka ramuka. Ranar da aka kunna shi, maimakon ya ci a hankali kamar yadda aka tsara, sai ya ci gaba ɗaya. Gwangwanin ba zai iya riƙe ƙarfin ba, ya fashe, gutsattsarin ƙarfe su huda jakar su nufi wuya da fuskar wanda ke zaune. A Amurka an tabbatar da mutuwar mutum fiye da 25 ta wannan hanya, ɗaruruwa kuma sun ji rauni, wasu sun rasa ido.

Ga Hajiya can ta ɗaga hannu, ta ce ai mu nan arewa busasshiyar ƙasa ce, laima sai Legas. Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma gishirin kicin ɗinki me yake yi a watan Agusta? Kuma motar ba a Katsina aka haife ta ba. Ta yi ƙuruciyarta inda ta yi, ta kwana a teku, ta yi zaman jira a bakin ruwa a Kwatano, sannan ta zo ta sha zafin bazararmu, inda sitiyari ke ƙona tafin hannu da azahar. Lalacewar da sinadarin ya riga ya yi ba ta komawa don iskar hunturu ta busa.

Shi kuwa Direba cewa ya yi shi ba ya gudu, ko akuya yakan tsaya wa. Madalla. A 2009 wata yarinya 'yar shekara 18 a Oklahoma ta ɗan gogi wata mota a wurin fakin makaranta da Honda Accord ƙirar 2001. Karon da bai kai a kira bakanike ba ne, amma jakar ta buɗe, ƙarfe ya yanke mata jijiyar wuya, ta rasu. Lahanin ba ya buƙatar babban haɗari, abin da zai sa jakar ta buɗe kawai yake jira. Fitilar jakar iska ta dashbod ma ba ta san da zancen ba, domin ita wayoyi take dubawa, ba ta ganin cikin gwangwani. Haka na'urar da yaran gareji ke jonawa su ce maka komai lafiya.

To yanzu a yi aikin, ba ya cin minti goma. Fita ka tsaya gaban motar, ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Za ka ga wani ɗan faranti mai haruffa da lambobi guda 17. Ita ce lambar shasi, wadda a takardu ake rubuta VIN. Tana kuma kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Kwafe ta daga jikin motar, kada ka dogara da takardun kwastan, ka san yadda wasunsu suka samu. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don haka duk abin da ya yi maka kama da O sifili ne.

Mu ɗauki Korolar Malam Mai Gardama. Idan lambar ta fara da 1NX a Amurka aka haɗa ta, 2T1 a Kanada, JT kuwa a Japan. Ƙirga zuwa gurbi na goma: shi ke faɗin shekarar ƙira. Idan ka ga 3, 2003 ce. Idan 4 ne, 2004. Nan ma za ka gane ko dillalin da ya rantse maka cewa 2007 ce ya ci kuɗinka, amma wannan shari'a taku ce.

Sai ka buɗe shafin hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka a wayarka, nhtsa.gov/recalls, ka rubuta lambar a gurbin VIN. Kyauta ne. Idan an riga an canja gwangwanin kafin motar ta baro can, zai nuna maka 0 unrepaired recalls. Idan ba a canja ba, zai fito da bayanin kiranyen. Idan ka ga Do Not Drive, kamfanin da ya ƙera motar ne da kansa ke cewa kada a tuƙa ta sai an gyara. A watan Janairu na 2024 Toyota ta yi irin wannan gargaɗi a kan Korola da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005. A Korolar, jakar kujerar fasinja ce mai lahanin. A RAV4 ɗin, ta direba ce. Ka ji, Malam: kujerar da uwargida ke zama. Mafi muni su ne tsofaffin Honda, Accord da Civic na 2001 da 2002, waɗanda gwaji ya nuna gwangwaninsu na iya fashewa har sau ɗaya a cikin biyu.

Shafin yana da iyaka, kuma gara ka san ta. Motocin da aka sayar a Amurka kawai ya sani. Idan taka 'yar Beljiyam ce ko ta Dubai, shirunsa ba wanke ta ya yi ba. Sai ka kai lambar wurin wakilin kamfanin motar ya duba maka a kundinsu. Haka kuma idan motar ta taɓa yin haɗari aka gyara ta, shafin ba zai san irin jakar da aka cusa mata daga baya ba.

Idan ta tabbata taka na ciki, ga abin yi. Ka nemi dila mai izinin kamfanin, ba kowane shago mai tambarin Toyota a allo ba. Ka ba su lambar shasi da lambar kiranyen da shafin ya nuna, ka ce gwangwanin jakar iska kake so a canja da sabo. A Amurka aikin kyauta ne, kuma bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. A nan kada ka je da tabbacin kyautar, tunda motar ba ta hannunsu ta shigo ba. Ka tambaya tun farko, ka kuma nemi a rubuta maka lambar kayan da aka sa a rasit. Kafin a gyara, idan matsalar ta ɓangaren fasinja ce kuma dole ta sa ka fita, kowa ya koma baya. Idan ta sitiyari ce kuma an ce kada a tuƙa, to a ajiye makulli. Adaidaita sahu ba ta ƙare ba.

Na ga Oga Bakanike yana murmushi, na san shawarar da ke bakinsa. Ko a je kasuwar 'yan gwangwan a ciro wata jakar daga motar da aka yanka, ko a cire fis a huta. Oga, da girmanka. Motar da aka yanka sa'ar wannan ce, gwangwaninta daga masana'anta ɗaya ya fito, shekarunsu ɗaya, kuma nata ya ƙara da kwana a fili ruwa na dukansa. An yi haka a Las Vegas a 2017: an gyara wata Accord da gwangwanin da aka ciro daga wata tsohuwa, ya fashe ya huda maƙogwaron budurwar da ke tuƙi, da kyar ta sha. Cire fis kuwa yakan kashe jakunkunan duka, har masu lafiyar, hukumar da ke kula da kiranyen ma ba ta yarda da shi ba. Kuma don Allah kada yaronka ya sa sukundireba ya ce zai buɗe gwangwanin ya ga abin da ke ciki.

Malam Mai Gardama ya yi shiru, na ɗauka na ci. Ashe tunani yake yi. Wai idan shafin ya nuna motar na cikin kiranye, zai wanke ta ya kai wa dillali ya sayar kafin labari ya bazu. Malam, wanda zai saya maƙwabcinka ne, kuma ranar Juma'a kai zai rage wa hanya zuwa masallaci. A gaba za a zaunar da kai, don girmamawa.